Kafin ki amsa wayar mai nemo ma'aikata

*Assalamu alaikum. Ni akanta ce, shekarata 7 ina aiki, kuma ba a matse nake da neman wani ba. Wani mai nemo wa kamfanoni ma'aikata ya turo mini saƙo ta LinkedIn, wai akwai "babbar dama", yana so mu yi waya ta minti 15. Ban da sunan muƙamin bai faɗi komai ba. Rashin ladabi ne in ce ya fara turo mini cikakken bayanin aikin da yadda sashen yake kafin in yarda? Ina gudun kada ya ga kamar jan aji nake yi ya tsallake ni.*

Wa alaikumus salam, Malama. Ki tambaye shi, babu rashin ladabi a ciki ko kaɗan. Na daɗe a wannan sana'a, da farko a kamfanin dillancin ma'aikata, daga baya a ofishin ɗaukar ma'aikata na wani kamfani, kuma ban taɓa soke sunan mutum don ya nemi bayani kafin waya ba. Shi ne ya ƙwanƙwasa miki ƙofa, ba ke kika je masa ba. Abin da zan ƙara miki shi ne, takardar da kike son ya turo ba ita ce za ta fi yi miki amfani ba. Tambayoyi uku game da tsarin sashen sun fi ta nauyi, kuma yadda zai amsa su zai nuna miki ko akwai aikin ma ko babu.

Ki fara gano wane ne shi, domin masu wannan saƙo ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ma'aikacin kamfanin ne da kansa, albashi ake biyansa a wata. Wannan takardar tana cikin kwamfutarsa, minti biyar ya ishe shi ya turo miki, kuma ba shi da dalilin ɓoye sunan kamfanin tunda a jikin shafinsa ma an rubuta. Akwai kuma dillali, wanda yake aiki a wani kamfani daban da ke samo wa kamfanoni mutane. Yawancin waɗannan la'ada suke ci, kuma ba a biyansu sai an ɗauki mutumin da suka kawo. La'adar takan kama daga kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko, kuma kamfanin da ya ɗauki ma'aikacin ne yake biya. Sau da yawa dillalai uku ko huɗu ne suke tsere a kan gurbi guda, wanda ya riga kai mutum shi ke da kuɗin. Akwai wasu 'yan kaɗan da ake ba wa aikin su kaɗai, a biya su kashi-kashi tun daga farko, jimilla kusan kashi ɗaya bisa uku na albashin shekara. Su manyan muƙamai suke nema, kuma galibi suna riƙe da bayani mai kauri da aka shirya musamman don a nuna wa wanda ake zawarci.

Idan kika gane haka, za ki ga dalilin da ya sa dillali yake son waya fiye da rubutu. A waya yana iya lallashi. A waya kuma zai ji nawa ake biyanki yanzu, wata nawa za ki bayar na sanarwar barin aiki, wane ne shugabanki, ko kamfaninku ma yana neman mutane. Duk wannan jari ne a wurinsa ko da ba ki karɓi aikin ba. A ofishin da na fara, ana ƙirga mana yawan wayar da muka yi a mako da yawan takardun da muka aika wa kamfanoni. Ba ina nufin duk mai son waya mayaudari ne ba, na yi dubbai da zuciya ɗaya. Amma minti 15 ɗin nan shi yake cin ribarsu ko ta halin ƙaƙa, ke kuwa sai in aikin ya dace da ke.

To, wace takarda ma za ki nema? A kan gurbi ɗaya akwai rubutu iri uku. Na farko shi ne tallar da ake bugawa, wadda aka yi wa kwalliya don ta jawo mutane. Na biyu bayanin aiki na cikin gida, wanda yake ɗauke da matakin muƙamin, wanda ake yi wa biyayya, nauyin da ke kan mai kujerar da sharuɗɗan cancanta. Na uku ba takarda ba ce sosai, abin da mai nemowar ya rubuta ne lokacin da ya zauna da manajan da ke buƙatar mutum, ya tambaye shi me ke damunsa, me yake so a gyara, wane irin mutum ne ya kasa zama a baya. Gaskiyar aikin tana cikin na ukun. Idan kika ce kawai "turo mini bayanin aiki", tallar zai turo miki, kuma bai yi ƙarya ba. Saboda haka ki ambaci na cikin gida da sunansa, sannan ki yi tambayoyin da sai wanda ya zauna da manajan ne zai iya amsawa.

Ko na cikin gidan ya zo, kada ki ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Da yawa an rubuta su ne shekaru da suka wuce, aka sauya sunan muƙami a sama aka bar sauran. Ki duba kalmomin aikatawa. "Zai taimaka wajen shirya rahoton ƙarshen wata" daban yake da "shi zai sa hannu a rahoton ƙarshen wata", kuma bambancin da ke tsakaninsu mataki guda ne na muƙami da albashi. Ki duba kuma ko ayyukan da aka jera na mutum ɗaya ne. Idan takarda ta haɗa biyan albashi, haraji, bin bashi, kasafin shekara da hulɗa da masu binciken asusu a kan kujera ɗaya, ruwa ba ya tsami banza: ko dai kamfanin ƙarami ne, ko an haɗe gurabe biyu an ba su suna ɗaya.

Yanzu tambayoyin ukun. Wa zan riƙa yi wa biyayya, mene ne muƙaminsa? Mutum nawa ne a ƙarƙashina kai tsaye, kuma a ina suke zaune? Sabon gurbi ne ko wani zan gada? Bari in ba ki labarin da ya sa na fara girmama su.

Ina dillanci, wani kamfani ya ba mu neman manajan kuɗi. Takardar ta ce mai muƙamin zai jagoranci mutum 6, yana ƙarƙashin daraktan kuɗi. Na tura wa wata akanta saƙo, irin wanda aka turo miki, ta amsa cikin ladabi da waɗannan tambayoyi. Sai na ga ni kaina ban san amsar ba, abin da ke takarda kawai nake maimaitawa. Na koma wurin kamfanin na zauna da su. Cikin mutum 6 ɗin, biyu masu lissafin albashi ne, sunansu yana sashen kuɗi amma umarnin yau da kullum daga shugabar sashen ma'aikata suke karɓa. Ɗaya kujera ce babu kowa a kai, kuma ba a ma amince da kuɗin cike ta ba tukuna. Ɗaya ma'aikacin wucin gadi ne da kwantiraginsa zai ƙare nan da wata 3. Saura mutum 2 ke nan, dukansu ba su kai shekara biyu da fara aiki ba. Daraktan kuɗin kuwa yana wata ƙasa, rassa da dama yake dubawa, sau ɗaya a wata ake ganawa da shi. Wanda zai riƙa leƙo wa manajan kullum shi ne shugaban reshen, wanda ba akanta ba ne. Da na tambayi wanda za a gada, aka ce ya yi wata 8 ya tafi, kuma rufe littafin wata yana cin kwana 15 na aiki alhali hedikwata kwana 5 take so.

Babu jimla ɗaya ta ƙarya a takardar nan. Amma aikin da ta zana, wato shugaba mai raba aiki yana dubawa, ba shi ne aikin da ke ƙasa ba. Na gaskiyan shi ne mutum ya naɗe hannun riga ya daidaita asusun banki da kansa, ya koyar da matasa biyu, ya kuma jure matsin shugabanni biyu da ba abu ɗaya suke so ba. Na rubuta mata haka. Ta yi godiya ta ce a kai kasuwa, don ita tana jagorantar mutum huɗu ƙwararru a inda take, wannan koma baya ne gare ta. Ba mu taɓa yin wayar ba. Daga baya wani ya karɓi aikin da idonsa a buɗe, mutumin da yake neman muƙamin manaja karon farko, kuma saboda ya san halin da ake ciki ya sa aka rubuta masa a takardar ɗauka cewa za a cike kujerar da ba kowa. Aikin bai lalace ba, ba nata ba ne kawai.

Ki lura da inda kowace tambaya ta tono abu. "Mutum nawa ne a sashen" ba ta isa ba, amsarta 6 ce kuma gaskiya ce. Kalmar "kai tsaye" ce ta raba waɗanda za ki rubuta wa rahoton ƙwazo, ki amince da hutunsu, da waɗanda kuke zaune a ɗaki ɗaya kawai. Tambayar shugaba kuma tana gaya miki matakinki na haƙiƙa fiye da sunan muƙamin. Manajan kuɗi da ke ƙarƙashin shugaban kamfani kai tsaye shi ne babba a harkar kuɗin wurin, komai a kansa zai ƙare. Manajan kuɗi da ke ƙarƙashin wani babban manaja, shi ma yana ƙarƙashin darakta, yanki ɗaya kawai yake riƙe da shi. Suna ɗaya, aiki biyu. Idan aka ce miki shugabanni biyu ne, ɗaya na reshe ɗaya na hedikwata, ki tambayi wanne ne yake yanke ƙarin albashinki, domin shi ne shugaban. Ta ukun kuwa, sabon gurbi yana nufin babu wanda zai miƙa miki aiki, kuma akwai yiwuwar kamfanin bai gama sanin abin da yake so ba. Gadon kujera kuma yana jawo tambayar ina mai ita ya tafi. Ƙarin girma ya samu a cikin gida, ko shi ne na uku da ya fice cikin shekara biyu?

Zan ba ki shawarar ki ƙara ta huɗu, iyakar albashin da aka ware daga ƙasa zuwa sama. Mutane suna jin nauyin wannan, amma ita ce ta fi kashe magana bayan an ɓata makonni. Duniyar ma ta karkata can: birnin New York ya wajabta rubuta iyakar albashi a tallar aiki tun Nuwamban 2022, Tarayyar Turai kuma ta zartar da umarni a 2023 da ya ba mai neman aiki haƙƙin sanin albashin farawa ko iyakarsa kafin intabiyu, ya kuma hana a tambaye shi nawa ake biyansa a baya. Ko dokar ba ta shafi inda kike ba, masu nemo ma'aikata sun saba jin tambayar. Ki nemi nasa adadin, kada ki fara ba shi naki.

Saƙon kada ya yi tsawo. Wani abu kamar haka ya wadatar:

"Na gode da tuntuɓa ta. Ina jin daɗin inda nake, amma zan saurari abin da ya dace. Don kada mu ɓata wa juna lokaci, ko za ka turo mini bayanin aikin na cikin gida, tare da muƙamin wanda zan yi wa biyayya, yawan waɗanda ke ƙarƙashina kai tsaye, ko sabon gurbi ne ko gado, da iyakar albashin da aka ware? Idan ya yi daidai da abin da nake nema, ina da lokaci ranar Talata ko Alhamis da yamma."

Jimlar ƙarshen nan ita ce maganin tsoron da kika ambata. Mai jan aji ba ya ba da rana. Kin nuna masa ƙofa a buɗe take, kin kuma faɗi abin da zai shigo da shi. Kada ki jera tambaya goma sha biyar, kada kuma ki haɗa da su hutu nawa ne, wane alawus ake bayarwa. Waɗannan na gaba ne. Huɗun nan duk wanda yake riƙe da aikin da gaske zai amsa su a layi huɗu daga wayarsa.

Sai ki jira ki ga abin da zai dawo. Idan ya turo komai, kin haɗu da wanda ya san aikinsa, sai ki karanta ki yanke. Idan ya ce, "Biyu na sani, biyu bari in tambayo," wannan ma alama ce mai kyau, ki ba shi kwana biyu ko uku. Mai wuyar fassarawa shi ne wanda zai ce ba zai iya faɗin sunan kamfanin ba, ko ba zai iya tura takardar ba. Wannan yakan zama gaskiya. Wani lokaci wanda za a maye gurbinsa yana kan kujerar bai sani ba, wani lokaci kamfanin yana shirin buɗe reshe ba ya son abokan hamayya su ji. Dillali kuma yana tsoron ya faɗi sunan ki tsallake shi ki nema da kanki, la'adarsa ta bi ruwa. Duk waɗannan dalilai ne da za a fahimta. Amma sirri sunan kamfani yake rufewa, ba ya hana a ce miki kamfanin sarrafa kaya ne mai ma'aikata kusan 300, za ki yi biyayya ga daraktan kuɗi, mutum 3 ne a ƙarƙashinki. Yana ma iya goge sunan daga takardar ya turo, mun sha yin haka. A manyan muƙamai ana iya ba ki yarjejeniyar riƙe sirri ki sa hannu kafin a buɗe miki komai, wannan ma ba baƙon abu ba ne, ki dai karanta ki tabbatar riƙe sirrin kawai ta ƙunsa.

Wanda kuwa ya kasa faɗin ko da girman sashen, yana ta maimaita "ai sai mun yi magana", galibi ɗayan biyu ne. Ko dai bai taɓa zama da kamfanin ba, talla ya gani yana neman wanda zai kai musu ko za su biya shi, ko kuma babu gurbin ma, sunaye yake tarawa don gaba. Cinikin biri a sama ke nan. Ki yi masa sallama cikin mutunci, ki ce ya tuntuɓe ki idan bayani ya samu. Idan kuma ya kawo zancen kuɗin rajista, ko na horo, ko na "sarrafa takardu", ki rufe maganar nan take. Dillalin gaske kamfani ne yake biyansa, kuma yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin dillancin aiki ba za su caji ma'aikaci ba. Ki duba adireshin imel ɗinsa ma, ki ga ko da sunan kamfanin da ya ce yana wa aiki yake ƙarewa.

Akwai inda zan ce ki sassauta. Idan ya ba ki rabin amsar, abin da ya faɗa kuma ya ja hankalinki, ki yi wayar. Wasu abubuwan ba mai rubuta su. Ni ban taɓa rubuta wa kowa cewa manajan wurin mai wuyar sha'ani ne ba, amma na sha faɗa da baki ga wanda ya tambaya. Haka nan idan ke ce a matse, ko fannin da kike nema gurabensa ba su da yawa, minti 15 ba asara ba ce, kuma sanin dillali nagari ɗaya yana iya amfanar ki shekaru. A irin wannan wayar ki fara da tambayoyinki kafin ya fara nasa, don in kika bari ya fara, lokacin zai ƙare a kan tarihinki.

Abin da ba zan so ki sassauta a kai ba shi ne takardar tarihin aikinki. Kada ki tura ta kafin ki ji sunan kamfanin, kuma kada ki yarda a miƙa ta ko'ina sai da izininki. Dalilin shi ne, a yarjejeniyar da ke tsakanin dillali da kamfani, wanda ya fara gabatar da mutum yakan zama shi ke da haƙƙin la'ada a kansa na tsawon wata 6 zuwa 12. Idan ya aika sunanki ba ki sani ba, daga baya kika nemi aiki a wurin da kanki ko ta hannun wani dillalin, sai rigimar wa ya kawo ki ta taso. Lokacin da nake ofishin ɗaukar ma'aikata na ga manaja ya ajiye takardar mutumin da yake so, don kawai ba ya son shiga tsakanin dillalai biyu, mutumin kuma bai taɓa jin dalili ba. Ga kuma haɗarin takardar ta faɗa hannun wanda ya san shugabanki na yanzu.

Saboda haka idan kun yi wayar kin amince ya gabatar da ke, ki bi shi da gajeren imel a ranar. Ki rubuta sunan kamfanin da muƙamin, ki ce kin ba shi izinin miƙa takardarki ga wannan gurbi kaɗai, sannan ki maimaita abin da ya gaya miki: shugaba wane, mutum kaza a ƙarƙashinki, albashi daga kaza zuwa kaza. Ki ajiye wannan imel ɗin. Ranar da kika zauna da manajan da kansa, ki sake yi masa tambayoyin nan uku kamar ba ki taɓa jin amsarsu ba, ki gwada abin da ya faɗa da abin da ke rubuce.